An ce ka kwatanta kwantiragi biyu amma ɗaya kawai aka liƙo: ga yadda ake yi

Tambayar nan ta sha zuwa mini ta fuska biyu. Wasu su ne aka turo wa saƙo, "don Allah duba min waɗannan kwantiragin guda biyu ka gaya min bambancinsu", suka buɗe suka ga guda ɗaya tal. Wasu kuma su ne suka tura, can daga baya suka gane ashe ɗaya ne ya tafi, alhali an riga an ba su amsa har sun fara shirin sa hannu. To ga matakan, na rubuta su ne daga ɓangaren wanda aka ce ya duba, amma mai turawa ma ya karanta don rabin aikin nasa ne.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Abin da aka ƙara a kwantiragi ana iya ganinsa a takarda ɗaya, amma abin da aka cire galibi ba ya barin alama ko kaɗan. Sharaɗin da ke kare mutum a tsohuwar takarda in an zare shi daga sabuwa, za ka karanta sabuwar daga farko har ƙarshe ka ga komai lafiya lau. Shi ya sa ba a yin wannan aikin da takarda ɗaya, komai iyawarka.

1. Tabbatar da farko cewa ɗaya ne ɗin

Kafin ka ce wa mutum bai turo ba, duba da kyau, don wani lokacin duka biyun suna nan amma sun manne da juna babu tazara. Gangara ƙasa ka ƙirga abu uku: taken kwantiragin sau nawa ya fito, wurin da aka ambaci sunayen ɓangarorin biyu sau nawa, sai wurin sa hannu sau nawa. In kowanne sau ɗaya ne, kuma lambobin sassan sun tafi daga 1 har ƙarshe ba su sake komawa 1 ba, to takarda ɗaya ce. In lambobin sun koma 1 a tsakiya kar ka yi saurin cewa ga ta biyun nan, sau da yawa ƙarin takarda ce da ake haɗawa a bayan kwantiragi, irin jerin kaya ko jadawalin biyan kuɗi, ita ma lambobinta daga 1 suke farawa.

Sannan duba ko akwai fayil da aka maƙala a imel ɗin, ko wani saƙo da ya shigo daban kafin wannan ko bayansa. A WhatsApp dogon saƙo yana naɗewa sai ka danna `Read more`, kuma in ya yi tsawo sosai sai ka danna fiye da sau ɗaya. A Telegram saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 4096, don haka dogon rubutu yana rabuwa gida-gida, mai turawa in ya zo tura maka daga wani wuri zai iya ɗaukar wasu ya bar wasu bai sani ba. Gmail kuma iyakar abin da ake maƙalawa 25 MB ne, kwantiragin da aka yi sikanin ɗinsa shafi-shafi yana iya wuce haka.

Hattara: akwai wanda zai liƙo takarda ɗaya sau biyu yana zaton biyu ne daban. Yana faruwa in ya kwafi ta farko ya liƙa, ya je kwafo ta biyu bai kwafu ba, ya dawo ya sake liƙa abin da ke nan tun farko. Kai kuma ka karanta ka ce "ai babu bambanci", wanda shi ne amsa mafi haɗari a duk wannan harkar. In ka ga takardu biyu sun zo iri ɗaya sak har kwanan wata da kuskuren rubutu, ka yi zargin wannan kafin ka ce komai.

2. Faɗa masa nan take, a layin farko

Kar ka fara sharhi a kan wadda ta zo sannan a ƙasa can ka ce "af, ɗayar ba ta shigo ba". Mutane layi biyu na farko suke karantawa, in suka ga ka ce sashe kaza babu laifi, shi ke nan a ransu an kwatanta. Saƙon farko ya zama gajere, kuma ya nuna ainihin abin da ka gani don ya gane wacce ce ta zo. Ga irin yadda nake rubutawa:

"Hajiya barka da yamma. Kwantiragi ɗaya ne ya shigo mini, mai sassa 14, wanda ya fara da aikin share ofis ya ƙare a wurin sa hannu, kuma ba a sa hannu a kai ba. Na biyun bai zo ba, don haka ban kwatanta komai ba tukuna. Ki turo mini ɗayan, kuma don Allah kar ki sa hannu sai mun gama."

Ka lura na faɗi yawan sassa, da inda ya fara da inda ya tsaya. Amfaninsa shi ne in ita a hannunta sassa 18 ne, nan take za ta gane har wadda ta zo ɗin ma ba ta cika ba. Kuma jimlar "ban kwatanta komai ba" dole ce, kar ka ji nauyin faɗinta ko da mai turowar shugabanka ne a wurin aiki. "Ranka ya daɗe, ɗaya ce ta iso" bai taɓa zama rashin ladabi ba.

3. Tambayoyi uku da za ka haɗa a saƙon

Tunda dai za ka sa mutum ya sake turowa, tambayi komai lokaci ɗaya, kar ku yi ta kai da kawo.

Na farko, wannan da ta zo wacce ce, tsohuwa ko sabuwa, daftari ce ko wadda aka riga aka sa wa hannu? Kar ka dogara da sunan fayil, duk wanda ya yi aikin ofis ya san fayil ɗin da aka rubuta wa `final` sau da yawa akwai wani bayansa. Na biyu, wane irin kwatanci ake so? Akwai bambanci babba tsakanin kwantiragi ɗaya da aka yi wa gyara, inda ake neman kalmar da ta canza, da kuma tayi biyu daga kamfanoni biyu daban, inda ake neman wanne ya fi. Na farkon manhaja tana taimakawa sosai, na biyun kuwa manhaja ba ta da wani amfani, don za ta ja jan layi a kan komai, sai dai a bi sharaɗi-sharaɗi da ido. Na uku, shi mai tambayar wane ɓangare ne a ciki, kuma yaushe aka ce ya sa hannu? Sharaɗin da ya ce a biya cikin kwana 60 daɗi ne ga mai biya, wahala ce ga wanda ke jiran kuɗinsa, in ba ka san wanda kake duba wa ba ba za ka iya cewa canjin ya yi kyau ko bai yi ba.

4. Abin da za ka iya yi kafin ta biyun ta iso

Ba zama za ka yi ba. Ɗauki takarda ka ja layi ka raba ta gida uku: sharaɗi, abin da kwantiragi na ɗaya ya ce, abin da na biyu ya ce. Cika gida na tsakiya ka bar na ƙarshe fayau. Sharuɗɗan da nake fara rubutawa su ne su waye ɓangarorin da cikakken sunansu, aikin da za a yi, kuɗi da lokacin biya, tsawon wa'adi da yadda ake sabunta shi, notis ɗin da ake bayarwa kafin a fasa, tara ko diyya in an saɓa, da inda za a kai ƙara in rigima ta taso. Kowanne ka rubuta lambar sashen a gefe, kuma ka kwafi kalmomin yadda suke, kar ka fassara da naka.

Sai ka nemi duk inda takardar ta yi nuni ga wata takarda. Jimloli irin su "kamar yadda yake a jadawalin da ke haɗe" ko "wannan yarjejeniya ta maye gurbin wadda aka yi a baya" suna gaya maka cewa akwai wasu takardu da ya kamata ka roƙa tare da ta biyun. Na sha ganin an turo kwantiragi biyu cif, amma kuɗin gaba ɗaya yana cikin jadawalin da ba a turo ba.

Hattara a nan, don nan ne masu ƙwarewa suka fi faɗawa: kar ka cika gida na uku da abin da "aka saba". Wai ai irin wannan kwantiragin notis ɗin wata ɗaya ake sawa, don haka tsohon ma haka zai kasance. Ba ka sani ba. Haka kuma kar ka cika shi da abin da mai turowar ya tuna, mutane suna tuna abin da aka gaya musu da baki ranar sa hannu, ba abin da aka rubuta ba, kuma su biyun ba kullum suke zama ɗaya ba. In ya ce "ina jin kwana 30 ne a tsohon", rubuta shi a gefe da alamar cewa daga bakinsa ne, ba daga takarda ba.

5. Yadda za a turo ta biyun

Wannan na mai turawa ne. Turo fayil, kar ka kwafa ka liƙa. Liƙawa tana cinye abubuwa da yawa ba ka sani ba: lambobin sassa da Word yake sawa da kansa suna iya ɓacewa ko su canza, tebur yana wargajewa lambobi su haɗe da juna, ƙananan bayanan ƙasan shafi ba sa biyowa, kuma in akwai gyare-gyaren da aka yi da `Track Changes`, wato tsarin Word da ke nuna duk inda aka taɓa rubutu, to kalmar da aka soke da wadda aka ƙara suna iya fitowa a jere kamar duk suna aiki. In fayil na Word ne turo shi a Word, in PDF ne turo PDF. In takarda ce a hannu, ɗauki hoton kowane shafi a miƙe cikin haske, lambar shafin ta fito, ka ƙirga hotunan su yi daidai da yawan shafukan, har da shafin sa hannu da duk inda aka yi gyara da biro a gefe. A WhatsApp ka tura su ta `Document` don kar a rage ingancin hoton ƙananan rubutu su dushe.

Sa wa kowanne suna mai ma'ana, tsohon da kwanan watan da aka sa hannu, sabon da ranar da aka turo maka. In dole sai an liƙa, to saƙo biyu daban, kowanne da kansa a sama, kuma ka rubuta "ƙarshen na ɗaya" a ƙasa. Bayan ka tura, buɗe saƙon da kanka ka gani, daƙiƙa goma ne.

Hattara: wasu kwantiragin suna da sharaɗin sirri da ya hana nuna su ga wani. Duba wannan kafin ka tura, kuma ka rufe lambar asusun banki da lambar katin shaida tunda ba a buƙatarsu wajen kwatanci. Amma kar ka rufe adadin kuɗi da kwanaki, su ake nema. Shafukan intanet na kyauta da ke cewa ka loda takardu biyu su kwatanta maka, ni dai ba na sa kwantiragin wani a ciki.

6. Kwatancin kansa, in duka biyun sun zo

In gyara ne na kwantiragi ɗaya kuma duka a Word suke, buɗe Word a kwamfuta, shiga `Review`, danna `Compare`. Tsohon ya shiga `Original document`, sabon ya shiga `Revised document`. In ka juya su, abin da aka cire zai fito kamar ƙari ne, abin da aka ƙara ya fito kamar an cire, kuma wannan kuskuren yana da saurin faruwa, shi ya sa tambayar mataki na 3 take da muhimmanci. Wanda ba shi da Word, Google Docs yana da `Compare documents` a ƙarƙashin `Tools`, LibreOffice kuma `Edit` sai `Track Changes` sai `Compare Document`, duka biyun kyauta ne. A kwamfuta ake yi, kar ka wahalar da kanka a waya.

In PDF ne, gwada `Ctrl+F` ka nemi wata kalma da kake gani ƙuru-ƙuru a shafin. In bai same ta ba to hoto ne ba rubutu ba, sai an bi da shi ta manhajar da ke mayar da hoto rubutu, kuma irin wannan manhajar tana rikita 1 da 7, ko 0 da 8, don haka duk lamba sai ka koma ka duba ta a ainihin takardar.

Bari mu bi misalin Hajiyar nan mai kamfanin share ofis. Sabon kwantiragin ne ya fara zuwa, kuma da shi kaɗai aka karanta babu abin da zai tayar da hankali: biya cikin kwana 30, wa'adin shekara ɗaya, notis kafin a fasa. Da tsohon ya iso sai abu uku suka fito.

Sashen biya a duka biyun "cikin kwana 30" ya ce, ko harafi bai canza ba. Amma a sashen ma'anar kalmomi na farkon takardar, sabon ya ƙara layi ɗaya cewa "kwana" yana nufin ranar aiki. In ana aiki kwana 5 a mako, ranakun aiki 30 mako 6 ke nan, wato kwana 42 na kalanda, ban da ranakun hutu da za su faɗo a ciki. Ita kuma ma'aikatanta duk ƙarshen wata suke jiran albashi.

Na biyu shi ne wanda ba zai taɓa ganuwa da takarda ɗaya ba. Tsohon yana da sashe na 6 da ya ce in ofishin ya yi jinkirin biya zai ƙara mata kashi 2 cikin ɗari na kuɗin a kowane wata. A sabon babu shi gaba ɗaya, an cire, lambobin kuma sun matso sun rufe gurbin kamar ba a taɓa yinsa ba. Haɗa wannan da na farko ka ga hoton: an tsawaita lokacin biya, an kuma cire abin da ke sa a biya da wuri.

Na uku ya biyo bayan na biyun ne. Tunda an cire sashe na 6, duk na ƙasa sun hau da lamba ɗaya, amma wani wuri a sabon har yanzu yana cewa "za a iya fasa yarjejeniya bisa sashe na 11", alhali maganar fasawa yanzu ta koma sashe na 10, na 11 kuma maganar sirri yake yi. Wannan galibi mantuwa ce ba mugunta ba, amma sai an gyara kafin sa hannu, don ranar rigima kowa zai karanta shi yadda ya fi masa. Don haka kar ka kwatanta sashe na 9 da sashe na 9 kawai saboda lambarsu ɗaya, bi kan magana.

In ka zo rubuta amsa, kowane bambanci ka ba shi abu uku: abin da tsohon ya ce da lambar sashe, abin da sabon ya ce da lambar sashe, sai abin da hakan ke nufi ga mai tambayar. Fara da wanda ya taɓa kuɗi da fita daga kwantiragin, gyaran waƙafi da adireshi su zo ƙarshe.

7. Maganar kuɗi da lokaci

In aboki ne yake duba maka, lokacinsa kawai ka ci. In lauya ne, wasu da awa suke caji wasu da takarda, kuma duba kwantiragi ɗaya aiki ne daban da kwatanta biyu. Ka tura ɗaya ya zauna ya karanta ya rubuta ra'ayi, jibi ka turo ɗayan, dole ya sake komawa kan na farkon, kuma yana da haƙƙin ya caje ka wannan zaman na biyu. Don haka ka tambayi kuɗin kwatanci tun farko, ka haɗa komai a saƙo ɗaya. Kai mai dubawa kuma in kana karɓar kuɗi, ka tambaya kafin ka fara aikin mataki na 4, kar ka yi aikin da ba a sa ka ba sannan ka kawo lissafi.

8. In ta biyun ba za ta samu ba

Yana faruwa, tsohon ya ɓace ko an sa hannu ba a ba mutum kwafinsa ba. Fara da neman sa a imel da sunan ɗaya ɓangaren, da tsofaffin hotunan waya, da wajen wanda ya yi shaida ko lauyan da ya rubuta. In bai samu ba, a roƙi ɗaya ɓangaren a rubuce ya turo kwafin wanda aka sa wa hannu, tare da sabon da ke nuna gyare-gyaren da suka yi. Wannan roƙo ne na yau da kullum tsakanin masu kwantiragi, babu abin kunya a ciki. Amma kwafin da ke nuna gyara daga wajensu yake, yana nuna abin da aka yi lokacin da `Track Changes` ke kunne ne kawai, abin da aka taɓa yana kashe ba zai fito ba, don haka in tsohon ya zo ka sake yin naka kwatancin.

In duk an yi bai samu ba, aikin ya canza suna, ya zama duba kwantiragi ɗaya, kuma ka rubuta haka a saman amsarka: "Wannan sharhi ne a kan sabon kwantiragin kaɗai, ban ga tsohon ba, ba zan iya cewa me aka canza ko aka cire ba." Sannan ka karanta shi kamar yau aka fara hulɗa, kana tambayar kowane sharaɗi ko mai tambayar zai iya zama da shi yadda yake, kana kuma lissafa abin da ba ka gani ba wanda ya kamata ya nema, kamar abin da zai faru in an yi jinkirin biya. Ka nuna masa sashen da ya ce wannan yarjejeniya ta maye gurbin duk wata ta baya in akwai shi, don da zarar ya sa hannu a kan wannan, abin da yake tunawa daga tsohon ba lallai ya ƙara yi masa amfani ba, duk sharaɗin da yake so ya ci gaba sai ya sa an rubuta shi a cikin sabon kafin ranar sa hannu.